Ruwan da ke ɓuya a cikin man taransifoma

Taransifomar da ke bakin layin unguwa cike take da mai, kuma aiki biyu man nan yake yi. Yana kwashe zafi daga naɗin wayoyin jan ƙarfe ya kai shi jikin tanki ya huce, sannan yana tsayawa tsakanin wayoyin don kada wuta ta yi tsalle daga wannan zuwa waccan. Su kansu wayoyin an naɗe su da takarda ta musamman wadda ta sha man ta ƙoshi. Muddin mai da takarda a bushe suke, taransifoma na iya yin shekaru da dama tana aiki. Matsala tana farawa ne idan danshi ya samu hanya.

Hanyoyin kuwa sanannu ne. Taransifoma mai ƙaramin tanki a samanta numfashi take yi: idan ta ɗauki zafi man ya kumbura ya tura iska waje, idan ta huce ya janye ya zuƙo sabuwa. Shi ya sa ake rataya mata gwangwanin gilashi mai ƙwayoyin silika jel da ke shanye danshin iskar. Masu launin shuɗi sukan koma ruwan hoda idan sun ƙoshi, amma sau nawa ake zuwa a duba? A wurin da ake kawo wuta a ɗauke sau da dama a yini, numfashin ya fi yawa, da damina kuma iskar a jiƙe take. Ga robar murfi da ta tsufa tana yoyo. Ita ma takardar, yayin da zafi ke tsofar da ita, ruwa take haifarwa da kanta.

Ana gane lafiyar mai da gwajin ƙarfin jure wuta. A ƙa'idar IEC 60156, ana zuba mai a wani ɗan kofi mai ƙarafa biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu milimita 2.5. Sai a riƙa ƙara ƙarfin wuta, kilobolt 2 a kowace daƙiƙa, har tartsatsi ya keta man. Ana yin haka sau shida a ɗauki matsakaici. Sabon mai daga ganga ya kamata ya kai aƙalla kilobolt 30, idan an tace shi an busar kuma ya kai 70. Ga taransifomar 11 ko 33 da ke kan aiki, ƙa'idar IEC 60422 na ɗaukar abin da ya haura 40 a matsayin mai kyau, 30 zuwa 40 na neman sa ido, ƙasa da 30 kuwa ya lalace. Manyan taransifomomin tashoshi ana neman su da fiye da haka.

Yawan ruwan kuma da wani gwajin ake auna shi, wanda ke ɗauke da sunan Karl Fischer, masanin sinadarai Bajamushe da ya fito da dabarar a 1935. Sakamakon yana zuwa ne a miligiram na ruwa cikin kowane kilo na mai. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin adadin shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an san zafin man lokacin da aka ɗebo shi.

Dalili shi ne mai yana riƙe ruwa kamar yadda shayi ke riƙe sukari: mai zafi ya fi narkar da shi. Sabon mai a digiri 20 ba ya iya riƙe fiye da kimanin miligiram 55 a kilo, amma a digiri 60 yana riƙe wajen 240. Abin da ke karya ƙarfin mai kuwa shi ne yadda ya kusa ƙoshi da ruwa. Ɗauki taransifoma mai aiki a digiri 60, da miligiram 40 a kilo. Kashi ɗaya cikin shida ke nan na abin da man zai iya ɗauka, don haka yana aiki lafiya. Sai aka ɗauke wuta a daren hunturu, ta huce zuwa digiri 20. Takarda za ta sake shanye ruwan, amma a hankali take yi, man ya riga ta hucewa. Yanzu miligiram 40 ɗin nan sun kusa kashi uku cikin huɗu na iyakar man. Ƙananan zarurrukan takarda da ke yawo a ciki sai su jiƙe, ƙarfin wuta ya jera su kamar gada tsakanin wayoyi. Idan aka dawo da wuta da asuba, man yana cikin mafi raunin halinsa. Saboda haka duk kwalbar gwajin da aka kai ɗakin bincike ba tare da an rubuta zafin man a jikinta ba, a ganina rabin aiki aka yi.

Gyaran yau da kullum shi ne tacewa. Ana kawo inji a haɗa tiyo ɗaya a famfon ƙasan tanki, ɗaya a sama. Man yana bi ta matata mai kama manyan tarkace, a ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 ko 65, a feshe shi cikin tukunyar da aka zuƙe iskar cikinta. A irin wannan tukunya ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba, don haka yakan tashi ya bar man ba tare da an ƙona shi ba, iskar da ta narke a ciki ma ta bi shi. Daga nan sai matata mai laushi, sai komawa tanki. Ana zagaya man sau da yawa, ana gwadawa, har ruwan ya sauka ƙasa da miligiram 10, ƙarfin kuma ya haura kilobolt 60. Kafin a fara, ya kamata a ɗebi man da za a auna gas ɗin da ya narke a cikinsa, domin gas ɗin ne ke tona asirin tartsatsi ko zafi a ciki, tacewa kuwa share shi take yi.

Sai dai kada takardar sakamako ta ranar ta ruɗi mai taransifoma. Mu ƙaddara babba ce mai kilo 10,000 na mai da kilo 1,000 na takarda da kwali. Idan man na da miligiram 30 a kilo, duk ruwan da ke cikinsa giram 300 ne, bai cika ledar fiya wata ba. Idan takardar kuma ta jiƙe da kashi 3 cikin ɗari, ruwanta kilo 30 ne, ninki ɗari. Injin tacewa ya kwashe giram 300 ɗin, amma da zarar taransifoma ta koma aiki ta yi zafi, takarda za ta ci gaba da sako nata. Shi ya sa ake sake gwaji bayan wasu makonni ko watanni. Idan ruwan ya dawo, takardar ce ke neman busarwa: ko a daɗe ana zagaya mai mai zafi tare da zuƙe iskar tankin in zai jure, ko a haɗa mata na'urar da ke tsotse ruwa a hankali tana kan aiki, ko a kai ta wurin gyara a gasa naɗin a tanda.

Akwai kuma abin da tacewa ba ta taɓawa. Man da ya daɗe yana haɗuwa da iska da zafi yakan yi duhu, ya tara asid, daga baya ya zubar da dagwalo mai toshe hanyoyin da yake bi ya sanyaya waya. Irin wannan mai yana iya cin gwajin jure wuta bayan an busar da shi, alhali yana nan yana cin takarda. Maganinsa shi ne a ratsa shi ta wani yumɓu na musamman mai kama asid, a mayar masa da sinadarin hana tsufa da yumɓun ya kwashe, ko kuma a zubar a sa sabo. Ko wanne aka zaɓa, idan robar da ke yoyo tana nan kuma silika jel ɗin har yanzu ruwan hoda ne, damina mai zuwa za ta mayar da ruwan da aka biya kuɗi aka cire.