Kazaure zuwa Makurɗi: ka lissafa da lita, ba da naira ba

A ce ku huɗu ne za ku ɗaurin auren abokinku a Makurɗi, kuma kun samu ƙaramar mota. Kafin wani ya ce "kowa ya kawo dubu ashirin", ku zauna da biro.

Ta Kano, Zariya, Kaduna, Abuja, Keffi da Lafiya, tafiyar kusan kilomita 800 ce. In daga Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura za ku tashi, sai ku ƙara tazarar garinku.

Mai shi ne babban rami. Tun cire tallafi a Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka fara da lita. Motar da ke cin kilomita 10 a lita ɗaya za ta sha lita 80. Amma mutum huɗu da kaya, ga AC, ga cunkoson Mararaba da Nyanya, ƙara lita 12. In lita ₦1,000 ce, ₦92,000 ke nan. In ta tashi, farashin kawai za ka canza.

Kar ka yarda da mai mota in ya ce "ai ba ta shan mai". Cika tanki a Kazaure, rubuta lambar kilomita, sake cikawa a Kaduna, ka raba tafiyar da litar da ta shiga. In 8 ka gani maimakon 10, lita 100 za ku sha tun ba a yi maganar cunkoso ba. Gara ka san haka a Kaduna da ka gano a Akwanga.

Tolget kuwa, sai bayan Abuja. A Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗi a titin Keffi zuwa Makurɗi, ƙofofi huɗu, ₦500 ga ƙaramar mota a lokacin. Ware ₦2,000, kuma riƙe katin banki, don an tsara shi ba da tsabar kuɗi ba.

Kwanan hanya ku yanke shi tun a gida. Ko da asuba kuka fita, dare zai iya riskar ku kafin ku isa, kuma tuƙin dare a hanyar nan ba abin sha'awa ba ne. Masauki a Keffi ya fi na tsakiyar Abuja sauƙi. A ce ɗaki biyu, ₦30,000. Abinci sau uku, ₦2,500 kowane kwano, wata ₦30,000. Dambun nama da biredi daga gida za su rage ta.

Sai ₦20,000 ta faci, bakanike da man birki, a hannun wanda ba ya kallon tsire.

Jimla ₦174,000, wato ₦43,500 kowane kai. Wannan fa zuwa ne kawai. Ku haɗa ₦87,000 kowa kafin a tayar da mota, don ango ba zai biya muku na dawowa ba.