Daga Magariba Zuwa Ƙarfe 11: Yadda Ake Tallata Wa Mai Shago Kaya A Waya

Ka tsaya a bakin wani shagon tireda a cikin unguwa a Kano da la'asar, ka ga yadda mai shi yake duba waya. Hannu ɗaya yana auna sukari, yaro yana jiran canji, wata tana tambayar kuɗin madara. Wayar tana kan kanta, kallo ɗaya yake yi mata ya koma kan ciniki. A wannan hali ne saƙon mai sayar da kayan sola yake shigowa ta WhatsApp: batir 12V 100Ah, farantin sola 300W, inbata 1kVA, garanti shekara guda. Duk gaskiya ne, amma babu abin da ya taɓa mai shagon a ciki. Abin da ke damunsa shi ne in magariba ta yi ba wuta, ko dai ya tada janareta ya ƙona fetur, ko ya rufe a lokacin da mutane suka fi fitowa sayayya.

Aikin mai talla shi ne ya ɗauki waɗannan lambobi ya yi lissafin da mai shago ba shi da lokacin yi. Batir mai 12V 100Ah yana riƙe wutar da za ta iya ba da wat 1,200 na awa ɗaya, wato 12 sau 100. Idan irin batirin nan ne mai dalma, ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, don yin haka kullum yana kashe shi da wuri. Saura 600 ke nan. Yanzu a dubi shagon: ƙwai uku masu wat 10 kowanne, fanka mai wat 40, cajin waya da na'urar POS a ba su wat 10. Jimla 80. A raba 600 da 80, an sami awa bakwai da rabi. Inbata ma tana cin nata rabon, saboda haka a bar shi a awa shida.

To, awa shida ɗin ma lamba ce har yanzu. Sai ka tambayi kanka: sai me? Sai shago ya kasance da haske tun daga magariba. Sai me? Sai a ci gaba da ciniki har dare ba a sayi fetur ba. Inda tambayar ta daina samun sabuwar amsa, nan amfanin yake. Saƙon sai ya zama haka: "Alhaji, daga magariba har ƙarfe 11 shagonka da haske da fanka, ba ka tada janareta ba." Ka lura alkawarin bai kai awa biyar ba, alhali lissafi ya ba da shida. Da gangan aka rage, saboda akwai ranar hadari, akwai ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti, kuma batir yana tsufa.

Wannan jimla ita ce za ta zo farko, ko dai a haɗa ta da gajeriyar sallama. Sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya layi ɗaya ko biyu take nunawa, dogon saƙo kuma WhatsApp yana datse shi ya sa "Read more", wanda mai auna sukari ba zai danna ba. Farashi ya biyo baya, sannan lambobin batir da inbata a ƙasa, domin mai son ya nuna wa mai gyaran wutarsa.

Abin da na fi ganin yana ɓata talla shi ne kwaɗayin faɗin komai: ba ƙara, ba hayaƙi, ga sauƙi, ga inganci. Ina fahimtar mai yin haka, kayansa ne, yana ganin kowane alheri ya cancanci a ambata. Amma mai shago ba ya riƙe abu biyar a tsakiyar ciniki. Kuma amfanin yana canzawa da sana'a. Mai aski damuwarsa kada injin aski ya tsaya an kai rabin kai. Mai sayar da ruwan leda da zoɓo sanyi yake nema, shi kuwa wannan batir ba nasa ba ne, gara a gaya masa tun farko da ya jona firiza ya wayi gari yana kiranka maƙaryaci.

Amsar da ta dawo ita ke nuna ko saƙon ya shiga. In an ce maka "me ake yi da shi?", lambobi ka aika. In an ce "Allah ya sa albarka" aka yi shiru, amfanin da ka zaɓa ba shi ne ciwon mutumin ba, sai ka je shagonsa bayan magariba ka ga abin da yake kunnawa. In kuwa ya rubuto "nawa ne?" ko "zai ɗauki talabijin?", ya riga ya hango kayan a shagonsa. Talabijin mai wat 50 zai mai da jimlar 130, awannin su sauko ƙasa da biyar, sai ka sake lissafi ka gaya masa sabon lokacin kafin ku yi maganar kuɗi.