Yadda Kalmar Sirrin Wi-Fi Ke Zama Makulli

Kalmar sirrin da kake rubutawa don shiga Wi-Fi ba ita ke kulle saƙonninka ba. Tsarin WPA2 yana buƙatar makulli mai bit 256, wato jerin sifili da ɗaya guda 256, wanda ba mai iya haddacewa. Wani lissafi mai suna PBKDF2, da aka wallafa ƙa'idarsa a shekarar 2000, shi ke samar da makullin daga kalmarka.

Wayarka kan haɗa kalmar da sunan Wi-Fi ɗin, ta zuba su cikin lissafin da ke dagula rubutu ta yadda ba a iya komawa asalinsa. Abin da ya fito sai a sake mayar da shi ciki, har sau 4,096, kamar mai daka tana maimaita luguden taɓarya. Masana na kiran wannan sunan da aka haɗa gishiri. Amfaninsa shi ne gida biyu masu kalma ɗaya amma suna daban za su sami makulli daban, don haka ɓarawo ba zai yi lissafi sau ɗaya ya buɗe duka ba. Shi ya sa barin sunan da na'urar ta zo da shi daga kamfani ganganci ne, idan dubban mutane na da irinsa.

To, maimaicin fa? Jinkiri ne da gangan. Kai sau ɗaya za ka yi lissafin, ko ji ba za ka yi ba. Shi kuwa ɓarawon da ya naɗi gaisuwar da wayarka ta yi da na'urar, ya koma gida yana cinke, kowane cinke sai ya biya wannan wahalar.

Sai dai jinkirin ba ya ƙara wa kalma sirri. A ce ka sa lambar wayarka, kamar yadda mutane da yawa ke yi. Idan an san lambobi huɗun farko, saura bakwai: cinke miliyan 10 ke nan. Kwamfuta mai ƙarfi da ke gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa za ta gama cikin daƙiƙa 10. Amma kalmomi biyar da aka zaɓa ta ƙuri'a daga jerin kalmomi 7,776 za su ci wa wannan kwamfutar kusan shekara 900,000 kafin ta gwada duka.

A yau 4,096 ya yi kaɗan ƙwarai. Sabbin hanyoyi irin su Argon2, wanda ya lashe gasar masana a 2015, suna tilasta wa kowane cinke cin ma'adanar kwamfuta mai yawa, don kada a iya jera dubbai a lokaci guda. WPA2 bai da wannan gatan, kuma ba ka da ikon ƙara yawan maimaicinsa. Yana dai karɓar haruffa har 63. Cire lambar wayar nan, ka sa kalmomi biyar da ba su da alaƙa da juna.