Sauya kamfanin waya ba tare da sauya lamba ba: abin da ya kamata ku sani

Tun ranar 22 ga Afrilu, 2013, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wato NCC, ta bai wa masu waya damar barin kamfanin da suke su koma wani da lambarsu ta da. Mai lambar da ta fara da 0803 yana iya zama a Airtel, mai 0802 kuma yana iya komawa Glo ko MTN, abokan hulɗarsa su ci gaba da kiransa kamar kullum. Kyauta ake yi. Sai dai lambar kaɗai ce ke tafiya, duk abin da ke cikin tsohon layin a can ake barinsa, kuma a nan mutane suka fi yin asara.

Ba tsohon kamfaninku za ku je neman sallama ba. Ofishin kamfanin da kuke son komawa za ku nufa, ku da kanku, da wayarku, tsohon sim yana ciki yana aiki, da kuma lambarku ta ɗan ƙasa, wato NIN. Za ku cike takarda, a ɗauki hotonku da zanen yatsunku kamar mai rajistar sabon layi, sannan a ce ku tura kalmar PORT zuwa 3232 daga layin da za a mayar. Wannan saƙon shi ne shaidar cewa mai layin ne ya nema, shi ya sa ba a aiken yaro ko ɗan'uwa. Daga nan sai a ba ku sabon sim, ku jira saƙon da zai tabbatar an karɓi buƙatarku.

Babban sharaɗi shi ne sunan da ke kan rajistar layin ya dace da na wanda ya zo. A nan ake yawan samun cikas a wajenmu. Mace ta shekara goma tana amfani da layi, kowa ya san lambarta ce, alhali da sunan maigidanta aka yi rajista. Ko yaron shago yana riƙe da layin da ubangidansa ya saya tun tuni. A wajen kamfani, mai layi shi ne wanda sunansa da NIN ɗinsa ke rubuce, don haka ko dai shi ya zo da kansa, ko a fara zuwa tsohon kamfanin a mayar da mallakar layin ga mai amfani da shi. Haka ma idan an rubuta Muhammad a wani wuri, Mamman a wani, ko ranar haihuwa ta saɓa, gara a gyara kafin a nema. Layin da aka rufe, ko wanda aka kai ƙarar sace shi, ba ya komawa ko'ina sai an buɗe shi. Wanda kuma aka yi wa sabuwar rajista, ko aka yi masa welkom bak kwanan nan, sai ya jira kwana 7. Wannan jiran kariya ce gare ku: ɓarawon da ya yi dabara ya karɓi sim ɗin wani ba zai samu ya tsere da lambar zuwa wani kamfani nan take ba.

Ƙa'ida ta ce a kammala aikin cikin awa 48, kuma sau da yawa ba ya kaiwa haka. A tsakanin nan tsohon sim zai ci gaba da aiki. Da zarar sabis ya ɗauke a kansa, to lokaci ya yi, sai ku cire shi ku sa sabon. Idan kwana biyu suka wuce babu labari, ku koma inda kuka cike takarda su gaya muku dalilin da aka ƙi. Idan ba su warware ba, lambar kai ƙara ta NCC ita ce 622, kuma ba a cajin kiranta.

Akwai wani jiran da ya fi wannan nauyi. Wanda ya koma sabon kamfani ba zai sake motsawa ba sai bayan kwana 45; da farko ma kwana 90 ne kafin a rage. Ke nan idan kuka koma kuka tarar sabis ɗin ba ya kamawa a ɗakinku ko a rumfarku ta kasuwa, wata ɗaya da rabi za ku yi kuna fita waje amsa waya. A ganina, bai kamata kowa ya koma saboda talla ko garaɓasa ba. Ku ari wayar maƙwabci mai layin kamfanin da kuke son komawa, ku gwada kira da intanet a gida da wurin sana'a, da safe da kuma bayan isha'i lokacin da layi ke cunkushewa.

Sai maganar kuɗi. A ce wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana da katin naira 3,500 a layinsa, da bonas na naira 2,000, ya kuma sayi data ta wata guda kwana goma da suka wuce, ga bashin kati na naira 500 da ya ranta. Idan ya tura PORT yau, gobe aka kammala, katin da bonas ɗin da sauran kwana ashirin na datar duk sun tafi. Sabon kamfani ba ya gadon su, tsohon kuma ba ya mayar da kuɗi. Abin da ya dace ya yi shi ne ya danna *310# ya ga katinsa, *323# ya ga datarsa da ranar ƙarewarta, sannan ya kashe sabuntawa ta kai tsaye, don kada a cire masa kuɗin wani watan ana gobe zai tafi. Ya biya bashin 500 ɗin, domin sauya kamfani ba ya yafe bashi, kuma barinsa na iya kawo tsaiko. Katin da ya rage ya tura wa iyalinsa ko wani mai layi irin nasa ta *321#. Bonas dai ba ya turuwa, sai ya cinye shi da kira. Datar kuwa ya bari ta kusa ƙarewa, ya je ofis saura kwana biyu ko uku. Idan yana da kuɗi a asusun waya na tsohon kamfanin, ya fi kwanciyar hankali ya kwashe su zuwa banki tukuna.

Lambobin mutanen da aka ajiye a cikin sim su ma ba sa bin ku, don haka ku mayar da su cikin waya ko imel kafin ranar. Waƙar da masu kiranku ke ji da sauran ƙananan hidimomin da kuka yi rajista duk za su tsaya, wanda ga wasu ma sauƙi ne. WhatsApp ba abin da zai same shi tunda lamba ba ta canja ba. Saƙon banki da lambar sirrin da ake turowa lokacin tura kuɗi su ma za su ci gaba da zuwa, ko da yake suna iya yin jinkiri a farkon kwanaki. Ku gwada da ƙaramin kuɗi kafin ku shiga babban ciniki, idan ba su zo ba ku sanar da bankin.

Wani abu kuma da ke biyo baya: mai POS ko mai sayar da kati yakan kalli farkon lamba ya yanke hukunci, ya ga 0803 ya ce MTN ce. Wasu manhajojin banki ma haka suke zaɓa da kansu. Duk lokacin da za a sa muku kati ko data, ku faɗi kamfanin da kuke yanzu, ku kuma duba abin da aka zaɓa a fuskar na'ura kafin a danna, domin idan aka tura ta tsohon kamfani, katin ba zai shigo ba, kuma dawo da kuɗin yakan ɗauki lokaci.