Takardar Ɗaukar Aiki: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin Sa Hannu

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna yadda sharuɗɗa huɗu na yarjejeniyar aiki suke sarƙe da juna, watau zaman gwaji, da notis, da sallama, da kuma hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasa. Bayanin zai tsaya ne ga dokar Nijeriya da ma'aikatun da ba na gwamnati ba, domin wanda doka ta musamman ta tsara aikinsa, kamar malamin jami'ar gwamnati, hukuncinsa daban yake.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wani kamfanin sayar da kayan gini a Kano ya ɗauki akanta bisa albashin Naira 200,000 a wata. Daga ciki tsurar albashi Naira 80,000 ce, sauran Naira 120,000 kuwa alawus ne na gida da sufuri da makamantansu. Takardar ta ce zai yi zaman gwaji na wata shida, wanda a cikinsa notis ɗin mako ɗaya ya isa a rabu. In an tabbatar da shi, notis ya koma wata ɗaya, ko kuma a biya albashi a madadinsa. Daga ƙasa kuma an rubuta cewa in ya bar kamfanin, ba zai yi wa wani mai irin wannan kasuwanci aiki ba a ko'ina cikin Nijeriya har shekara biyu.

Tambaya ta farko ita ce, shin Dokar Ƙwadago, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ta rufe wannan mutum? Sashe na 11 na dokar ya yanka mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, sa'an nan wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Amma kuma sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da na zartarwa da na fasaha da na ƙwararru daga cikin waɗanda dokar take kira ma'aikata. Saboda haka leburan da ke sauke siminti a harabar kamfanin yana da wannan garkuwa, akantan kuwa abin dogaronsa na farko shi ne abin da aka rubuta masa a takarda. Mutane da yawa masu ilmi suna sa hannu ba su san haka ba.

To, a ce wata shida ya cika, ba a ba shi takardar tabbatarwa ba, ba a kuma ce masa ya tafi ba. Ya ci gaba da aiki, ana biyansa, har wata goma sha huɗu, sa'an nan aka sallame shi da kuɗin mako ɗaya bisa hujjar cewa har yanzu yana kan gwaji. Kotuna sun sha yanke hukunci cewa mai gidan da ya riƙe mutum yana mora bayan wa'adin gwaji ya wuce, bai kuwa ce uffan ba, ana iya ɗauka ya tabbatar da shi ta hanyar halinsa. Sai dai wannan nasara ce da ake samu bayan an sha zirga-zirgar shari'a. Ya fi sauƙi tun farko a nemi takardar ta faɗi abu biyu ƙarara: sau nawa za a iya ƙara wa'adin gwaji, kuma mene ne hukuncin in wa'adin ya cika ba a rubuto kome ba.

A nan ne lissafi yake fitowa fili. In an ɗauke shi mai zaman gwaji, aka kuma auna da tsurar albashi, abin da zai karɓa bai wuce kimanin Naira 20,000 ba. In an ɗauke shi tabbatacce, zai sami Naira 80,000. In kuwa takardar ta ce cikakken albashi ne tare da alawus, to Naira 200,000 ke nan. Watau kalma ɗaya ko biyu sun haifar da bambancin ninki goma. Ita kanta Dokar Ƙwadago, ga waɗanda ta rufe, ta ce a cire kuɗin obataim da alawus wajen wannan lissafi, saboda haka wanda ya ga an rubuta "albashi" kawai kada ya zaci duka ake nufi. Ya kuma tuna wuƙar nan baki biyu gare ta: in shi ne ya so barin aikin ba notis, da ma'aunin da ya nema za a auna masa. Har ila yau, a shari'ar Chukwumah da Shell ta 1993, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kuɗin da ake biya a madadin notis tilas a biya shi a lokacin sallamar, ba a ce a dawo daga baya ba.

Dangane da sallama, akwai bambanci tsakaninta da kora. Kora tana zuwa ne bisa babban laifi, ba notis, kuma takan sa a yi asarar haƙƙoƙin barin aiki. Don haka ya kamata a duba abin da takardar ta kira babban laifi, da ko za a ba mutum takardar tuhuma ya kāre kansa. Sau da yawa wannan bayani yana cikin littafin ƙa'idojin ma'aikata, wanda takardar takan ce wani ɓangare ne na yarjejeniyar, alhali ba a nuna wa mai sa hannu shi ba. Sai ya nema ya karanta. Tsohuwar ƙa'ida ita ce mai gida yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba da notis. Amma tun gyara na uku da aka yi wa tsarin mulki a 2010, wanda sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba kyakkyawar al'adar ƙasashen duniya, wannan kotu ta sha neman a kawo dalili karɓaɓɓe mai alaƙa da aiki ko halin ma'aikaci.

Sauran sharaɗin hana komawa wurin abokin gasa. Asalin hukunci shi ne duk sharaɗin da ya tauye wa mutum neman abinci ɓatacce ne, sai in mai gida ya nuna yana kāre wani haƙƙi na halal, kamar asirin ciniki ko abokan hulɗa, kuma bai zarce ƙima ba wajen tsawon lokaci da faɗin wuri da irin aikin da aka hana. A shari'ar Koumoulis da Leventis Motors ta 1973, Kotun Ƙoli ta amince da hani na shekara ɗaya a cikin tazarar mil hamsin, ga manajan da ya san asirin cinikin kamfanin. Dokar Gasa da Kāre Masu Saye ta 2018 kuma, a sashe na 68, ta ƙyale irin wannan sharaɗi in bai wuce shekara biyu ba. A ganina kuskure ne a ɗauka cewa duk hanin da bai wuce shekara biyu ba ya halatta ke nan, domin har yanzu sai an auna sauran ɓangarorin. Kamfanin da duk cinikinsa a Kano yake, da wuya ya gamsar da kotu cewa akantansa zai cuce shi in ya kama aiki a Fatakwal.

Abin lura a takardar akantan nan shi ne ba ta bambanta yadda aka rabu ba. Ko a watansa na biyu aka sallame shi da kuɗin mako ɗaya, hanin shekara biyu yana nan a kansa bisa rubutu, kuma sabon kamfani yana iya gudunsa don tsoron ƙara, tun ba a kai gaban alƙali ba. Abin da zai nema kafin ya sa hannu shi ne a rubuta cewa hanin ba zai hau kansa ba in an sallame shi a lokacin gwaji ko ba da laifinsa ba, a taƙaita shi ga Jihar Kano da 'yan watanni, in kuwa kamfanin ya nace a kan shekara biyu, to ya faɗi nawa zai riƙa biyansa a kowane wata na zaman jiran.