Lissafin banki da na littafin ƙungiya: wanne za a gyara?

Ƙungiyar manoman rani a Safo, idan tana da asusu a wani bankin Maraɗi, kusan kullum a ƙarshen wata abin da ma'aji ya rubuta a littafinsa ba ya yin daidai da abin da ke cikin takardar bayanin asusu. Tun Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya sa ba da takardar nan sau ɗaya a wata cikin hidimomin kyauta, don haka babu uzurin ƙin karɓarta.

A misali, a ce ranar 31 ga Oktoba littafi ya nuna saura sefa 850,000, banki kuwa ya ce 1,012,500. Ma'aji zai bi takardun biyu layi-layi, yana sa alama a kan duk abin da ya fito a kowace. Abin da ya rage ba alama iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai abin da banki ya sani, littafi bai sani ba. Banki ya cire ladan kula da asusu 7,500, sannan wani ɗan kasuwa ya turo cikon kuɗin albasa 60,000 bai gaya wa kowa ba. Waɗannan biyun su ake shigarwa a littafi: a ƙara 60,000, a cire 7,500, saura ya koma 902,500.

Ɗaya irin shi ne abin da littafi ya riga ya sani, banki bai gani ba tukuna, kuma nan ne ma'ajiya da yawa ke tuntuɓe. An ba mai taki cek na 200,000, yana nan cikin aljihunsa bai kai ba. An kuma ajiye cek na 90,000 na wani banki daban ranar 31, bai kai ga shiga asusu ba. Littafi ba a taɓa shi a nan, domin sake rubuta su ƙirga abu ne sau biyu. A takarda daban ake ɗaukar 1,012,500 na banki, a ƙara 90,000, a cire 200,000. Ya ba da 902,500, daidai da littafin da aka gyara.

Wannan 902,500 shi ne kuɗin ƙungiya. Shugaban da ya ga miliyan a takardar banki ya sayi injin ban ruwa, ranar da mai taki ya kai cek ɗinsa zai sha kunya.

Idan lissafin ya ƙi haɗuwa, a raba bambancin da 9. In ya rabu ba saura, mai yiwuwa an juya lambobi, kamar a rubuta 45,000 maimakon 54,000. Ajiyar 90,000 da aka ce tana kan hanya kuwa, ya kamata ta bayyana a farkon takardar Nuwamba. In ba ta fito ba, kwamitin bincike ya nemi rasit mai hatimin banki daga hannun wanda aka aika Maraɗi da ita.