Iska Ɗaya, Suna Huɗu: Matsalar Aron Kalmomin Kimiyya a Littafin Makaranta

A ɗauki misalin yaro ɗan aji biyar na firamare, ya buɗe littafin kimiyya da aka rubuta da Hausa, ya kai darasin yadda ganye ke haɗa wa shuka abinci. A layin farko an gaya masa ganye yana fitar da oksijin. Layi uku gaba, mutum yana buƙatar okisijan don ya rayu. A ƙarƙashin hoto an rubuta iskar shaƙa. Da ya zo tambayoyin ƙarshen darasi kuma sai ga O₂ zaune shi kaɗai, ba wanda ya gabatar da shi. Malamin da ya rubuta shafin ya san abu ɗaya yake nufi tun daga sama har ƙasa. Yaron kuwa, in aka tambaye shi iska nawa aka ambata, ba laifinsa ba ne in ya ƙirga huɗu.

Wannan kuskure yakan fito ne daga hannun waɗanda suka iya Hausa sosai. Marubucin labari an horar da shi ya guji maimaita kalma: in ya ce doki a nan, can sai ya ce ingarma, gaba ya ce danda ko akawal, mai karatu yana jin daɗi. A darasin kimiyya wannan gwaninta ce ke yin ɓarna. Yaro da ke ganin kalma a karo na farko ba shi da wata hanyar gane cewa sunaye biyu na abu ɗaya ne, sai kamannin rubutu. In rubutu ya sauya, a wurinsa abin ma ya sauya.

Me ya sa kalma ɗaya ke fitowa da fuska da yawa? Saboda bakin Bahaushe ba ya karɓar baƙuwar kalma sai ya gyara ta. Abjadin boko ba shi da x, ba shi da v, ba shi da q, kuma p kan koma f. Shi ya sa ake cewa fensir da furotin da bitamin. Haka kuma baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon kalma sai an sa wasali ya raba su, kamar yadda aka samu burodi da sitaci da direba. Tsofaffin kalmomin aro irin su asibiti, kananzir, injin da lantarki sun daɗe suna yawo a baki, sun goge, sun zauna a kama ɗaya ko kusa da haka. Kalmomin ɗakin gwaji kuwa ba su bi ta kasuwa ko tasha ba. Kowane malami da kunnensa yake aro su, kowa da wasalin da ya ga dama ya cusa. Daga nan ake samun kulorofil da kolorofil da kilorofil a littafi guda, wani lokaci a shafi guda.

Ba yau aka fara neman daidaito ba. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tattauna ƙa'idojin rubuta Hausa tare da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A 1990 an buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, sai dai shi ya shafi nazarin harshe da adabi da dabarun koyarwa ne. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. An kuma taɓa tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. Duk waɗannan wuraren dubawa ne kafin mutum ya yanke hukunci. Amma wanda ke da shafi a gabansa, mai ɗab'i na jiran sa, dole a ƙarshe shi zai zaɓi kama ɗaya ya tsaya a kai.

A koma kan shafin ganyen nan, a ga yadda mai tace littafi zai bi da shi.

Abu na farko, ya ɗauki takarda daban ya fitar da duk kalmar kimiyya da ke cikin darasin, da duk kamar da ta fito da ita. A wannan shafi ba za su wuce shida ko bakwai ba: iskar da ganye ke ɗauka, wadda yake fitarwa, koren sinadarin da ke kama hasken rana, sukarin da ake samu, sitacin da ake ajiyewa. Gaban kowace ya rubuta alamarta ta kimiyya in tana da ita, domin alama ba ta da kari na Kano ko na Sakkwato. O₂ dai O₂ ne ko a wane littafi.

Sai tambaya mai wuya: a ari kalmar ko a fassara ta? Nan ne iskar shaƙa take da jan hankali, don Hausa ce tsantsa, kowa zai gane. Matsalar ita ce ba gaskiya take faɗa ba. Iskar da mutum ke shaƙa, kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, oksijin kashi 21 ne kawai. Wadda yake fitarwa ma tana ɗauke da oksijin wajen kashi 16. Yaron da aka koya wa cewa oksijin shi ne iskar shaƙa, ranar da aka kawo masa darasin abubuwan da suka haɗu suka yi iska, zai tarar ana ce masa iskar shaƙa kashi ɗaya ce cikin biyar na iskar da ake shaƙa. Ko babba sai ya tsaya ya sosa ƙeya. Don haka a nan aro ya fi. Mai tacewa sai ya zaɓi oksijin, ya soke sauran, bayanin cewa jiki na buƙatarsa wajen numfashi kuma ya zo a matsayin bayani, sau ɗaya, ba a matsayin suna na biyu ba.

Abokiyar tafiyarsa ta fi shi rikici. Sunan CO₂ dogo ne, kabon dayokzayid, kuma marubuci kan gaji da shi. Bayan ya rubuta shi cikakke sau ɗaya sai ya fara taƙaitawa: iskar kabon, ko kabon kawai, ko gurɓatacciyar iska. Kowace daga cikin ukun tana da illa. Kabon shi kaɗai wani abu ne daban, shi ne mafi yawan abin da ke cikin gawayi da bakin fensir, alamarsa C. Gurɓatacciyar iska kuma ba ta dace da darasin da ke cewa ita ce ganye ke nema don ya yi abinci ba. Iskar kabon ta fi su haɗari, domin akwai wata iskar mai kabon, wato CO, kabon monokzayid, wadda ke fita daga janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ba ta da launi, ba ta da wari, takan kashe mutane suna barci. In littafin aji biyar ya kira CO₂ iskar kabon, na aji shida kuma ya kira CO da wannan suna, yaro zai ɗauka abin da yake fitarwa ta hanci shi ne ke kashe masu kwana da janareta. Bambancin alamomin biyu ɗan ƙaramin 2 ne a ƙasa, wanda injin ɗab'i ma kan haɗiye. Suna cikakke shi ne katanga, komai tsawonsa.

Akwai abin da wanda ya saba da littafin Turanci ba ya tunawa da shi: kowane suna a Hausa yana da jinsi. Galibin masu ƙarewa da a mata ne, sauran maza. To oksijin namiji ne, "yana", amma in aka sa masa iska a gaba ya zama "iskar oksijin tana". Duk biyun daidai ne, sai dai ba a cakuɗa su. Dubi wannan jimla: "Ganye yana ɗaukar iskar kabon dayokzayid ya fitar da oksijin, ita ce dabbobi ke buƙata." Marubuci oksijin yake nufi, don a ransa iska ce. Nahawu kuwa ya miƙa "ita" ga ta farko, sai jimlar ta koyar da akasin gaskiya. Shi ya sa takardar kalmomi take buƙatar wurin rubuta jinsi, da jam'i inda ake da shi. Bakteriya, alal misali, mace ce guda ko jama'a ce? A zaɓi "tana" ko "suna" tun daga babi na ɗaya.

Kalmomin gida ma ba su tsira ba. Ƙwaya tana nufin ta hatsi, ta magani, ta ido, ta cuta, ga ta halitta. Sinadari kuma an ɗora masa kaya har ya rankwafa, kusan duk abin da aka rasa sunansa a kimiyya shi ake kira. Sukari a shafin ganye gulukos ake nufi, ba na shayi ba, don haka gara a ce gulukos a bayyana shi a matsayin wani nau'in sukari.

In littafin zai tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, sai a ƙara lura. Can aron daga Faransanci yake zuwa, lafazin ya bambanta, sunan CO₂ ma a juye yake, kabon ne ke zuwa ƙarshe. Ko a abjadi akwai saɓani: inda Nijeriya ke rubuta 'y, Nijar ƴ take sawa. Babu kama ɗaya da za ta gamsar da ɓangarorin biyu, abin da zai haɗa su shi ne alamar da ke gefen suna a farkon ambato.

Bayan an tsayar da takarda, sai bincike. A kwamfuta Ctrl+F yana taimakawa, amma ba cikakkiyar kalma ake nema ba, gutsurenta ake nema. Wanda ya nemi oksijin daidaitattun kawai zai gani. In ya nemi "sij" sai okisijan da oksijan duk su fito fili. Haruffa masu lanƙwasa suna da nasu tarkon: ƙwaya da kwaya da k'waya kalmomi uku ne a wurin na'ura. Wuraren da saɓani ya fi ɓuya su ne rubutun cikin zane, kanun shafi da tambayoyin ƙarshen darasi, domin sau da yawa wani hannu ne ke yin su, bayan an gama tace ainihin rubutun.

Gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar lantarki. A ba yara biyar ko shida shafin, ɗaya ya karanta da ƙarfi, a saurari inda harshensa ya sarƙe. In duk sun yi tuntuɓe a kalma guda, rubutunta bai bi bakin Hausa ba, a sake duba wasalin. Daga nan a rufe littafi, a ce kowa ya rubuta sunayen iskokin da darasin ya ambata. A shafin ganye amsar biyu ce. Duk takardar da ta dawo da uku ko huɗu, mai tacewa ya karɓe ta ya duba ƙarin sunan da yaron ya rubuta, zai nuna masa layin da gyara bai kai ba.